Kurakuran da aka fi yi game da zirkoniya da kumburin da ke tsayar da tsaga

Gilashi ko farantin tangaran, da zarar tsaga ta kama shi, sai ta wuce fit har ƙarshe. Zirkoniya ma tangaran ce, amma tana iya riƙe tsaga ta hana ta gaba, shi ya sa ake yin hular haƙori da wuƙa da kayan cikin famfo da ita. Abin da ke ba ta wannan juriya wani ɗan kumburi ne da ƙwayoyinta ke yi idan tsaga ta matso su. Ɗalibai suna haddace wannan jimla, masu haɗa haƙori ma suna jin ta daga bakin dillalan kaya, amma da yawa suna ɗaukar juriyar kamar wani hali ne na dindindin da aka halicci zirkoniya da shi. Ba haka ba ne. Ajiya ce da aka tanada a cikin kayan, kuma ana iya kulle ta ta ƙi fitowa, ana iya ɓarnatar da ita tun kafin ranar buƙata. Kusan duk kurakuran da ke tafe daga ɗayan biyun nan suke fitowa.

Sai an fara da siffofinta. Tsantsar zirkoniya tana da tsarin lu'ulu'u iri uku gwargwadon zafi. Daga zafin ɗaki zuwa wajen digiri 1170 a ma'aunin Salsiyas tana siffar monokilinik. Daga nan zuwa wajen 2370 tana siffar tetiragonal, sama da haka kuma kubik. Idan aka gasa ta tana hucewa, wajen digiri 950 sai ta koma monokilinik, kuma a wannan komawar girmanta yana ƙaruwa da kimanin kashi 4 cikin ɗari, ƙwayar kuma tana ɗan karkacewa. Wannan kumburin kaɗai ya isa ya farfasa kayan a cikin tanderu, don haka ba a yin komai mai ƙwari da tsantsarta. Dabarar ita ce a zuba mata wani sinadari, galibi itiriya, wanda zai riƙe siffar tetiragonal har zuwa zafin ɗaki. Ƙwayoyin suna nan a takure, suna neman dalilin juyewa. A shekarar 1975 Garvie da Hannink da Pascoe, masu bincike a Ostireliya, suka nuna cewa jan da ke bakin tsaga yana iya zama wannan dalilin, har suka kwatanta kayan da ƙarfe. Irin da aka fi amfani da shi yau shi ne wanda ake rubuta wa 3Y-TZP a kwali: itiriya kashi 3 cikin ɗari a lissafin mol, ƙwayoyi kusan duka tetiragonal, kowacce ba ta kai rabin maikiron ba. Maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita.

Zaton cewa kumburin a gaban tsaga yake aiki

Wannan shi ne kuskuren da na fi so a gyara, domin sauran suna rataye da shi. Yadda aka saba zana abin shi ne: ga bakin tsaga, ga ƙwayoyi a gabansa sun kumbura sun tare hanya. Zanen yana da sauƙin fahimta, amma lissafi bai yarda da shi ba. McMeeking da Evans sun nuna a 1982 cewa ƙwayoyin da suka kumbura daidai gaban bakin tsaga, cikin kusurwar digiri 60 ta kowane gefe, ƙara buɗe ta suke yi. Waɗanda ke gefe da baya su ne ke matse ta. Idan tsagar tana tsaye ba ta motsa ba, kuma kumburi kaɗai aka lissafa, to turawar na gaba da matsin na gefe suna cinye juna, ribar ta zama sifili.

To daga ina juriyar take zuwa? Daga abin da tsagar ta bari a bayanta. Yayin da take tafiya, ƙwayoyin da suka juye ba sa komawa yadda suke, sai su zama shimfiɗa biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a gefunan tsagar. Shimfiɗun sun kumbura, amma sauran kayan da ke kewaye da su bai kumbura ba, kuma ba zai ba su wuri ba. Kamar ƙofar katako ce da ta sha danshin damina ta kumbura a cikin firam ɗin ƙarfe: ba inda za ta, sai ta matse. Wannan matsin yana danne leɓunan tsagar, sai jan da ke isa bakinta ya ragu. Ba a ɗinke tsagar ba, tana nan daram. Abin da ya canja shi ne yanzu sai an ƙara nauyi kafin ta sake motsawa.

Ga ƙiyasin ƙarin juriyar, ΔK, da McMeeking da Evans suka fitar:

```
ΔK = 0.22 · E · V · ε · √h / (1 − ν)
```

E ƙin lanƙwasuwar kayan ne, wajen 210000 MPa, wato megafaskal, ma'aunin matsi. V kason ƙwayoyin da suka juye a cikin shimfiɗar, ε girman kumburin, wato 0.04, ν kuwa adadin Poisson ne, wato yadda kaya ke tsukewa ta gefe idan aka ja shi, wajen 0.3. Harafin h shi ne kaurin shimfiɗar a gefe ɗaya, a ma'aunin mita. A ce rabin ƙwayoyin ne suka juye, V ya zama 0.5. Idan kaurin shimfiɗar maikiron 1 ne, ƙarin juriyar zai fito wajen 1.3 MPa√m. Idan maikiron 4 ne, 2.6. Idan ya kai maikiron 25, sai ya haura zuwa 6.6. Kumburin bai canja ba a duk lissafin nan uku, kashi 4 ɗin nan ne dai. Kaurin shimfiɗar ne ya canja, kuma sai ka ninka shi sau huɗu kafin ribar ta ninka sau biyu. Ƙiyasin yakan fito ƙasa da abin da ake aunawa a ɗakin gwaji, saboda bai lissafa karkacewar ƙwayoyin ba, amma alƙiblar da yake nunawa daidai ce.

Gyaran tunanin ke nan: duk lokacin da aka ce maka wata zirkoniya tana da juriya, tambayi kanka nawa ne daga ƙwayoyinta za su iya juyewa, kuma zuwa wane nisa daga tsagar. Sannan ka tuna cewa sai tsagar ta yi tafiya kafin kariyar ta cika, tafiyar da ta kai kimanin ninki biyar na kaurin shimfiɗar.

Haɗa juriyar tsagewa da ƙarfin ɗaukar nauyi

Daga wancan batu na ƙarshe wani kuskuren ke tasowa. Mutum ya ga zirkoniyar da aka riƙe da sinadarin seriya maimakon itiriya, Ce-TZP, an rubuta mata juriyar da ta haura 10 MPa√m, ya ga 3Y-TZP tana wajen 4 zuwa 5, sai ya yanke cewa ta farkon ta fi ɗaukar nauyi. Akasin haka ake samu. 3Y-TZP takan kai 1000 MPa ko fiye kafin ta karye a gwajin lanƙwasa, mai seriya kuwa galibi wajen rabin haka take tsayawa.

Dalilin biyu ne. Mai seriya shimfiɗarta tana da kauri, gomman maikiron ko fiye, don haka tsaga sai ta yi doguwar tafiya kafin ta gamu da cikakkiyar juriyar. Ƙaramin aibi na maikiron 20 da ke saman kayan ba ya jira har a kai can. Na biyu, ƙwayoyin da ke da saurin juyewa suna juyewa ne a ƙaramin nauyi, ko da babu tsaga, kayan ya fara sakin jiki tun da wuri. Swain da Rose sun nuna a 1986 cewa ƙarfin ɗaukar nauyi yana hawa tare da juriya zuwa wajen 8 MPa√m, daga nan sai ya fara sauka.

Ita kuma 3Y-TZP, duk da suna da ta yi, girman aibin da ke jikinta ne ke yanke mata hukunci. Ga aibi mai siffar rabin da'ira a saman kaya, lissafin shi ne:

```
σ = K / (1.26 · √a)
```

Harafin σ ƙarfin ɗaukar nauyi ne, K juriyar tsagewa, a kuma zurfin aibin a ma'aunin mita. Idan K ya zama 4.5, kayan da ya ɗauki 1000 MPa aibinsa mafi girma bai wuce zurfin maikiron 13 ba. Bari wani ya goga shi da dutsen lu'ulu'u mai kaushi ya bar masa ƙarzuwa mai zurfin maikiron 50, abin da bai kai kaurin gashin kai ba: ƙarfin ya faɗo wajen 500 MPa. Rabi ya tafi, alhali kumburin yana nan yana aikinsa. Saboda haka idan kayan da za ka yi zai sha bugu ko karce, nemi mai kaurin shimfiɗa. Idan nauyi mai yawa zai ɗauka a jiki siriri, nemi 3Y-TZP ka kuma kula da samanta kamar ƙwai.

Ƙara itiriya, ko ƙara wuta

Tunda itiriya ce ke riƙe kayan kada ya farfashe, wasu suna ganin ƙara ta alheri ne. Amma riƙon idan ya yi yawa, ƙwayoyin sun daina juyewa ko tsaga ta zo. A kashi 8 cikin ɗari zirkoniya ta zama kubik zalla. Tana da amfaninta a na'urorin auna iskar oksijin, sai dai juriyarta ta faɗo ƙasa da ta tangaran alumina, domin babu abin da zai kumbura. A ɗakunan haɗa haƙori an fi cin karo da wannan a zirkoniya mai sheƙi da ake sa wa lambar 5Y. Kusan rabin ƙwayoyinta kubik ne, shi ya sa haske ke ratsa ta ta yi kyau a haƙoran gaba. Farashin kyawun shi ne ƙarfinta yana tsakanin 500 da 700 MPa, juriyarta kuma ba ta cika wuce 3 MPa√m ba. Wanda ya yanka doguwar gadar turame daga faifan 5Y, don kawai kwalin ya ce zirkoniya, ya ɗora wa kayan abin da ba a yi shi dominsa ba. A duba lambar da ke gaban harafin Y kafin a sa faifan a inji.

Wuta kuma ta wani gefen take ɓarna. Girman ƙwaya yana cikin abubuwan da ke riƙe siffar tetiragonal: ƙaramar ƙwaya tana da wuyar juyewa, babba tana da sauƙi. A 3Y-TZP, ƙwayar da ta yi ƙasa da maikiron 0.2 da ƙyar take juyewa, wadda ta doshi maikiron 1 kuma tana iya juyewa da kanta ba tare da an taɓa ta ba. Tsakanin nan ake son a zauna. Ana gasa ta ne tsakanin digiri 1350 da 1550, gwargwadon garin da aka yi ta da shi. Mai tanderu da ya ƙara zafi ko ya tsawaita lokaci, yana neman ƙarin haske ko yana ganin ta fi nuna, ƙwayoyin yake girmar. Akwai ma abin da ya fi wannan: a dogon gashi wajen 1550, wasu manyan ƙwayoyin kubik suna fitowa su zuƙe itiriyar maƙwabtansu, su bar su a raunane, kuma daga waɗannan maƙwabtan lalacewa take farawa.

Gyaran ba shi da wuya, kula yake so. A bi jadawalin gashin da aka rubuta wa wannan faifan takamaimai, kada a ara na wani. A riƙa gwada tanderun da zoben auna zafi, domin lambar da ke kan allo da zafin da ke ciki sukan rabu idan na'urar ta tsufa. Inda akwai madubin lantarki, a goge samfuri a gasa shi kaɗan don iyakokin ƙwayoyi su fito, a auna su.

Mantawa da ruwa

Tangaran ba ya tsatsa, don haka ba a kawo ruwa a rai. Zirkoniya mai itiriya kuwa tana da rauni a nan. Tun 1981 Kobayashi da abokan aikinsa a Japan suka ba da rahoton cewa tana lalacewa a hankali a zafin da bai kai ya kawo ba, mafi muni wajen digiri 250, daga baya kuma aka tabbatar danshi ne ke hanzarta abin. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne: itiriya tana riƙe siffar tetiragonal ne ta hanyar barin guraben oksijin a cikin lu'ulu'un, ruwa kuma yana kutsawa ya cike guraben, riƙon ya saki. Ƙwaya ɗaya a sama ta juye, ta kumbura, ta ɗago kai. Kumburinta ya ja maƙwabtanta ya buɗe ƙananan tsagogi a tsakaninsu, ruwa ya bi ta nan ya shiga ciki, na gaba ma su juye. Juyin da ake so a gefen tsaga shi ne dai wannan, sai dai ya faru inda babu tsaga, ya bar sama mai kaushi da ƙwayoyi masu zubewa.

An ga ƙarshen wannan a aikin ƙashi. A 2001, ƙwallayen dashen ƙugu na zirkoniya masu suna Prozyr, waɗanda aka yi a Faransa, kimanin 400 suka fashe a jikin marasa lafiya cikin ɗan lokaci, aka janye su daga kasuwa. Binciken ya kai ga wasu rukunai da aka gasa bayan an sauya nau'in tanderu. Sinadarin bai canja ba, gashin ne ya canja, kayan ya fito da ramuka fiye da da, danshin jiki ya samu hanya. Zafin jikin mutum digiri 37 ne kawai, kuma kafin nan da yawa sun ɗauka lalacewar ba za ta yi tasiri a irin wannan zafi ba. Ni a ganina duk mai koyon wannan fanni ya kamata ya san wannan labari kafin ya haddace kowace lamba ta ƙarfi.

Ana gwada abin ne da tukunyar tururi irin ta asibiti. Ƙa'idar ISO 13356 ta kayan dashe ta ce a sa samfuri a tururi mai digiri 134 da matsin bar 2, wato kimanin ninki biyu na matsin iskar sarari, na awa 5, kuma monokilinik kada ya wuce kashi 25 cikin ɗari bayan haka. An ƙiyasta awa ɗaya a wannan tururi da shekara 3 zuwa 4 a jikin mutum, amma ƙiyasi ne da ya dogara da irin kayan, bai kamata a ɗauke shi alkawari ba. Abubuwan da ke rage lalacewar sanannu ne: cikakken gashi marar ramuka, ƙananan ƙwayoyi, da ɗan alumina kamar kashi 0.25 cikin ɗari na nauyi. A nan akwai tarko ga masu son haske, domin wasu nau'o'in 3Y masu sheƙi rage aluminar aka yi don haske ya ratsa. Kuma ko babu ruwa, zafi da kansa yana rage juriyar: yadda ake matsawa kusa da zafin da tetiragonal ke zaune lafiya, haka sha'awar juyewa ke raguwa, har a wajen digiri 800 zuwa 900 kusan babu saura. Lambar juriyar da aka auna a zafin ɗaki ba ta da amfani ga kayan da zai yi aiki a bakin wuta.

Guga, feshin yashi, da mayarwa tanderu

A nan ra'ayoyi biyu ne ke yawo, kowanne da rabin gaskiya. Wasu sun ce kada a taɓa zirkoniya bayan gashi, wasu sun ce feshin yashi ƙara mata ƙarfi yake. Feshi mai sauƙi, da garin alumina na maikiron 50 a matsin da bai wuce bar 2 ba, yana juyar da siririyar shimfiɗa a sama, shimfiɗar ta matse saman, ƙarfin 3Y-TZP ya ɗan hau. Sharaɗin shi ne ƙarzuwar da feshin ya yi kada ta zarce kaurin shimfiɗar. Gari mai kauri, ko matsi mai yawa, ko guga a bushe da dutse mai kaushi, suna kai tsaga ƙasa da inda matsin ya tsaya. Gugar bushe tana da ƙarin illa: zafin da take tayarwa yana iya mayar da monokilinik ɗin zuwa tetiragonal nan take, a rasa matsin a bar tsagar. Idan ka ga tartsatsi yana tashi a bakin dutsen, ka riga ka wuce gona da iri. A 5Y kuwa babu isasshen juyi da zai rama, feshin ragi kawai yake yi.

Daga nan sai a ce a mayar da kayan tanderu a digiri 900 zuwa 1000 don ya warke. Wannan gashin yana mayar da monokilinik zuwa tetiragonal, gaskiya ne, amma zafin bai isa ya haɗe tsaga ba. Abin da ya cire shi ne matsin da ke danne ta. Shi ya sa kayan da aka goga aka sake gasawa yakan fito ƙasa da ƙarfin wanda aka goga aka bari. Hanyar da ta fi ita ce a yi duk gyaran siffa tun kayan yana ɗanye kafin gashi, lokacin da yake da laushi kamar alli. Idan dole sai an taɓa bayan gashi, a yi da dutse mai laushi, da ruwa, da hannu marar nauyi, sannan a bi da gogewa mataki-mataki har ƙarzuwar ta ɓace.

Yarda da lambar da aka auna ba daidai ba

Hanya mafi arha ta auna juriya ita ce a danna lu'ulu'un Vickers mai siffar dala a saman da aka goge a auna tsawon tsagogin da suka fito daga kusurwoyin ramin da ya bari. A zirkoniya wannan hanya tana yaudara, domin dannawar kanta tana juyar da ƙwayoyin kewaye su matse tsagogin, su fito gajeru, lissafi ya ba da lamba mai daɗin ji. Yanka tsagi da reza a sandar gwaji ma yana kumbura lambar idan bakin tsagin ya fi ƙwayoyin faɗi, kuma a 3Y-TZP kusan kullum ya fi. Idan ka ga an rubuta wa 3Y-TZP juriyar 9 ko 10, tambayi hanyar da aka bi. Gwajin da aka fara da tsaga ta gaske mai kaifi yakan ba da 4 zuwa 5.

Don sanin ko juyi ya faru, na'urar XRD ake amfani da ita, wadda ke haska samfuri da hasken X-ray ta zana tsinin da kowace siffa ke bayarwa. Da hasken X-ray da ake samarwa daga jan ƙarfe, monokilinik yana fitar da tsini biyu a kusurwar digiri 28.2 da 31.4, tetiragonal kuma ɗaya a 30.2. A ce ƙarfin tsinin farko 120 ne, na biyu 80, na tetiragonal 800. Ka haɗa 120 da 80 ka raba da jimlar ukun, 1000, ka samu 0.2. Gyaran da Toraya ya kawo a 1984 yana mayar da wannan zuwa kason girma, wajen kashi 25 cikin ɗari. Kuskure biyu ake yi a nan. Hasken maikiron kaɗan yake shiga, don haka lambar ta sama ce kawai, ba ta gaya maka zurfin lalacewar. Sai an yanka samfurin an duba gefensa. Sannan tsinin 30.2 na tetiragonal da na kubik a wuri ɗaya suke faɗowa, mai duba nan kaɗai ba zai bambance 3Y da 5Y ba, sai ya haura zuwa kusurwar 72 zuwa 76 inda tsinin tetiragonal ke rabuwa biyu. Gwajin da ya fi gaya maka ko ajiyar tana aiki shi ne ka auna saman da aka goge, sannan ka karya samfurin ka auna fuskar karayar. Idan monokilinik ya yi tsalle a fuskar karaya, ƙwayoyin suna juyewa yadda ake so. Idan lambobin biyu duk ƙasa suke, an kulle ƙwayoyin da yawan itiriya ko ƙanƙantar ƙwaya. Idan kuwa saman da aka goge ya riga ya nuna monokilinik mai yawa tun ba a karya ba, to a koma a binciki tanderun da inda aka ajiye kayan.